Abin da ke shanye datarka idan ka kunna hotspot

A ce ɗaliba ta sayi data gigabayit 5, ta kunna hotspot a wayarta, ta haɗa kwamfutarta don ta tura aikin makaranta da bai kai megabayit 10 ba. Bayan awa ɗaya sai saƙo ya shigo cewa rabin datar ya tafi. Za ta ɗora laifi a kan kamfanin layi, alhali ɓarawon a gida yake.

Dalili shi ne, waya ta san datar layi kuɗi ce, shi ya sa take jinkirta manyan ayyuka sai ta samu Wi-Fi. Ita kuwa kwamfuta, idan ta kama hotspot, Wi-Fi kawai take gani, tamkar na ofis wanda ba ya ƙarewa. Nan take Windows Update zai fara sauko da gyare-gyaren da ya tara, waɗanda kan kai gigabayit da dama, OneDrive kuma ya shiga kwashe hotuna da takardu. Duk wannan a ɓoye yake gudana, babu mai neman izininka.

Maganin shi ne ka sanar da kwamfutar cewa wannan intanet ɗin a kan awo yake. A Windows 11, bayan ta haɗu da wayar, buɗe Settings, shiga Network & internet, zaɓi Wi-Fi, danna sunan hotspot ɗinka, sannan ka kunna Metered connection. A Windows 10 sunan maɓallin Set as metered connection. Yi wannan da zarar ta haɗu, kafin ka buɗe komai. Kwamfutar za ta riƙe saitin, amma ga wannan sunan kaɗai. Ranar da ka canza wa hotspot suna ko ka ari wayar wani, sai ka sake kunnawa.

Saitin yana da iyaka. Windows zai iya sauko da wasu gyare-gyare da ya ɗauka na dole ne, kuma ba ya hana bidiyo cin data. Babban allo kan jawo hoto mai kaifi, saboda haka a YouTube rage Quality zuwa 360p da hannunka. Idan har yanzu data tana zurarewa, nemi Data usage a cikin Settings, za ka ga manhajar da ta fi ci a saman jeri.

Sauran aikin yana wajen wayar. Sa kalmar sirri mai haruffa 8 ko fiye, ka riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe. Wayar ƙaninka da ka taɓa bai wa kalmar sau ɗaya za ta iya kamawa da kanta duk lokacin da ka kunna. Ka ga baƙon suna, canza kalmar. Ka gama aiki, kashe hotspot ɗin kafin ka ajiye wayar.