Shirin Darasi a Gwajin Koyarwa: Yadda Ake Rubuta Shi da Abin da Ake Dubawa

Shirin darasi takarda ce da malami yake rubutawa kafin ya shiga aji, inda yake bayyana abin da zai koyar, da waɗanda zai koyar, da hanyar da zai bi, da yadda zai gane ko yara sun fahimta. Ga ɗalibin malanta da aka tura gwajin koyarwa, wannan takarda ita ce abu na farko da malamin da ya zo duba shi daga kwaleji yake karɓa. Da ita mai dubawa yake zama a bayan aji, yana kwatanta abin da aka rubuta da abin da yake faruwa a gaban allo.

A Nijeriya, takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a yi koyarwa da ita, kuma karatunta shekara uku ne. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita take tsara ƙa'idojin wannan karatu, kuma gwajin koyarwa dole ne ga duk mai son kammalawa. Siffar takardar shirin darasi takan ɗan bambanta daga wata kwaleji zuwa wata, amma inda ake neman cikakken aiki sassa uku ake haɗawa: shirin kansa, da dalilan da suka sa aka tsara shi haka, da bitar da ake yi bayan darasi. Domin a ga yadda suke haɗuwa, za a bi misalin wata ɗalibar malanta da aka ba ta lissafi a aji huɗu na firamare, mai yara 64, a darasi na minti 40.

Kan takarda da manufar darasi

Ba ɗalibar ce take zaɓar batun da ranta yake so ba. Daga manhaja ake fitar da tsarin aikin zango, wanda yake raba batutuwa mako-mako, daga nan kuma malamin ajin ya nuna mata inda aka tsaya. A wannan mako batun shi ne kwatanta rabi da sulusi da kwata, wato 1/2 da 1/3 da 1/4. A saman takarda takan rubuta kwanan wata, da aji, da yawan yara, da tsawon lokaci, da batu. Yawan yara ba ado ba ne, domin shi yake nuna yawan kayan da za a tanada da irin aikin da zai yiwu.

Daga nan sai manufa, kuma a nan mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. Wanda ya rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su san rabi da kwata bai ba mai dubawa abin aunawa ba, domin sani a zuci yake, ba a ganinsa. Abin da ake so shi ne aikin da ido zai gani ko kunne ya ji: yaro ya faɗa, ya nuna, ya jera, ya rubuta. Wannan salo yana da alaƙa da aikin Benjamin Bloom da abokansa na 1956, wanda ya jera matakan ilimi tun daga tuna abu har zuwa yanke hukunci a kansa. Ɗalibar ta rubuta manufa biyu kacal. Ta farko, a ƙarshen darasi yara za su iya ninka takarda su nuna rabi da sulusi da kwata. Ta biyu, za su iya jera su daga babba zuwa ƙarami, su amsa aƙalla tambaya huɗu cikin biyar daidai. Manufa biyar ko shida a minti 40 alama ce ta cewa malami bai auna lokacinsa ba.

A ƙarƙashin manufa akwai wurin abin da yara suka riga suka sani. Rubuta cewa an koya musu darasin jiya bai isa ba. Ita ta rubuta cewa yaran sun saba jin rabin mudu idan an aike su kasuwa, kuma sun iya raba abu gida biyu daidai. Kayan koyarwarta kuwa tsinkayen takarda ne da ta yanka daga tsofaffin kalanda, kowanne tsawonsa santimita 24.

Matakan darasi

An raba minti 40 ɗin gida shida. Minti biyar na farko na gabatarwa ne, inda za ta tambayi yara: idan an raba rake ɗaya tsakanin mutum biyu, aka raba wani irinsa tsakanin mutum huɗu, wa zai fi samun babban kaso? Sannan minti takwas za ta ninka takarda a gabansu tana rubuta alamar kowane kaso a allo. Minti 12 na aikin rukuni ne: yara huɗu-huɗu, rukuni 16, kowane rukuni da tsinke uku, su ninka ɗaya gida biyu, ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, su jera su a kan benci. Minti biyar rukunoni su faɗi abin da suka gano, minti bakwai na auna fahimta, ukun ƙarshe na kammalawa da ba da jinga.

A kowane mataki ana rubuta aikin malami a gefe guda, aikin yara a ɗaya gefen. Idan gefen yara bai ƙunshi komai ba sai saurare da kwafe allo daga sama har ƙasa, mai dubawa ya riga ya san irin darasin da zai gani tun kafin a fara. Haka kuma tambayoyin auna fahimta dole su fito daga manufa. Tunda manufar ta ce yara za su jera, to tambayar ta zama ta jerawa, kamar a ce su rubuta 1/4 da 1/2 da 1/3 daga babba zuwa ƙarami. Da za ta tambaye su ma'anar sulusi kawai, da ta auna abin da ba ta yi alkawarin koyarwa ba.

Dalilan tsarin

Sashen dalilai shi yake nuna ko ɗalibi ya yi tunani ko kwafo tsohon shiri ya yi. Ba wurin yabon lissafi ba ne, wuri ne na bayyana dalilin kowane zaɓi. Ɗalibar ta fara da kuskuren da ta san yara suna yi: ganin huɗu ta fi biyu yakan sa su ɗauka 1/4 ya fi 1/2. Duk darasin an gina shi ne don karya wannan zato. Shi ya sa ta fara da rake kafin alamomi, domin yaron da zai ruɗe a gaban allo ba ya ruɗewa idan ana maganar rabonsa.

Ta kuma bayyana dalilin santimita 24. Wannan tsawo yana rabuwa gida biyu da uku da huɗu ba saura, sai rabi ya zama 12, sulusi takwas, kwata shida, kuma bambancin ya isa a gan shi da ido. Tsinkayen duka tsawonsu ɗaya ne, domin kwatan doguwar takarda zai iya fin rabin gajeriya, abin da zai ƙara rikita yara. Rukuni huɗu-huɗu kuwa saboda haka suke zaune a kan benci, ba sai an ja kujeru ba, kuma tsinke 48 sun wadatar maimakon 192 da za a buƙata idan kowane yaro zai samu nasa uku. Idan an ambaci wani masani a wannan sashe, sai an nuna matakin darasin da ra'ayinsa ya shafa. Jera sunaye ba tare da haka ba ba ya ƙara maki.

Bita bayan darasi

Bita ana rubuta ta ne a ranar, tun abin bai gushe daga kai ba. Donald Schön, a littafinsa na 1983, ya bambanta tunanin da ƙwararre yake yi yana cikin aiki da wanda yake yi bayan ya gama, kuma bitar kirki takan ƙunshi duka biyun. Mafi raunin bita ita ce mai cewa darasi ya yi kyau, yara sun ba da haɗin kai. Ba hujja a cikinta, ba kuma abin da za a gyara.

A misalin nan, ɗalibar ta fara da lokaci. Rabon takardu ya ci minti huɗu da ba ta sa a lissafi ba, ninkawa gida uku kuma ta gagari rukunoni da yawa, wasu suka fito da kaso ɗaya dogo biyu gajeru. Da ta ga haka sai ta tsayar da aji, ta sa alama da alƙalami a kan tsinkenta ta sake nunawa, abin da ya rage lokacin bayanin rukunoni zuwa minti biyu. Sannan ta kawo sakamako: yara 41 cikin 64 sun samu huɗu ko biyar. Da ta duba littattafan sauran 23, ta tarar mafi yawansu sun gane rabi ya fi kwata, amma sun sa kwata a gaban sulusi. Wannan ya nuna mata cewa manufa ta biyu ta cika a kan rabi da kwata, ba ta cika a kan sulusi ba, kuma matsalar daga ninkawar ta taso. Ta kuma lura yawancin waɗanda suka faɗi a benci uku na baya suke, inda ba ta kai ba lokacin aikin rukuni.

Gyaran da ta rubuta ya fito daga waɗannan hujjoji kai tsaye. Gobe za ta sa ɗigo a kan tsinkayen sulusi tun daga gida, ta ɗaure kayan kowane rukuni ta ba shugabannin layi su raba kafin a fara, ta fara zagayenta daga baya, sannan ta ware minti goma na farko ga kwatanta sulusi da kwata kafin ta shiga sabon batu.

Abin da mai dubawa yake aunawa

Takardar maki takan ware kaso ga shirin darasi, da sanin abin da ake koyarwa, da amfani da kayan koyarwa da allo, da riƙon aji, da salon tambaya, da murya da kamalar malami. Abin da yake bi a cikin duka shi ne ko manufa da aikin yara da tambayoyin ƙarshe sun dace da juna. Kauce wa shiri ba laifi ba ne idan akwai dalili kuma an bayyana shi a bita, kamar tsayar da aji da ɗalibar ta yi. Abin da yake rage maki shi ne a ci gaba da bin takarda alhali yara sun ɓace, ko a kawo bitar da ta saɓa wa abin da mai dubawa ya gani. Bayan darasi yakan zauna da ɗalibi su tattauna, ya rubuta shawarwarinsa ya sa hannu, kuma a zuwansa na gaba yakan duba ko gyaran da aka rubuta ya bayyana a sabon shirin.