Yadda Ake Lissafin Ruwan da Tururi Ke Zubarwa a Jikin Kwantaccen Bututu

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya tana tafasa ya ga ruwa na gangarowa daga cikinsa. Tururi ne ya taɓa ƙarfe mai sanyi, ya bar masa zafinsa, ya koma ruwa. Da wannan dabara ake aiki a tashoshin lantarki masu injin tururi: a jera bututai a kwance, ruwan sanyi na gudu a cikinsu, tururi na lulluɓe da su ta waje. Tambayar injiniya ita ce, ruwa nawa kowane bututu zai zubar a awa ɗaya?

Idan ƙarfen yana jiƙewa sosai, ruwan ba ya tsayawa ɗigo-ɗigo. Yakan shimfiɗu kamar yana, siririya a saman bututun, tana ƙara kauri yayin da take zagayowa ƙasa, har ta riƙa ɗiga. Wannan yanar ita ce katangar da zafi zai ƙetare kafin ya kai ga ƙarfe. Tun da kaurinta ya bambanta daga sama zuwa ƙasa, sai a nemi matsakaicin ma'aunin wucewar zafi, wanda ake rubutawa da harafin h. Bajamushe Wilhelm Nusselt ne ya fitar da lissafinsa a 1916:

```
h = 0.729 [ g ρ (ρ − ρv) L k³ / (μ ΔT D) ]^(1/4)
```

A nan g jan ƙasa ne, ρ nauyin mita kubik ɗaya na ruwa, ρv kuwa na tururi. Harafin k na nuna yadda ruwa ke barin zafi ya ratsa shi, μ danƙonsa, D faɗin bututun daga waje, ΔT tazarar zafi tsakanin tururi da jikin ƙarfen. L shi ne zafin da kilo ɗaya na tururi ke saki idan ya koma ruwa.

Mu ɗauki bututu mai faɗin santimita 2.5 da tsawon mita ɗaya. Tururin yana digiri 100, jikin ƙarfen digiri 80, wato tazarar 20 ke nan. Yanar tana tsakanin biyun, don haka sai a duba halayen ruwa a digiri 90 cikin jadawali: ρ kusan 965, k 0.675, μ 0.000315. Shi kuwa ρv 0.6 ne kacal. L a digiri 100 kilojul 2,257 ne a kowane kilo, amma ruwan yakan ɗan ƙara hucewa cikin yanar, sai a ƙara kusan 57, ya zama 2,314.

Idan aka mai da L jul, aka mai da D mita 0.025, aka sa g a kan 9.81, h zai fito wajen wat 10,400 a kowace murabba'in mita, kan kowane digiri. Fatar bututun murabba'in mita 0.0785 ce. A ninka 10,400 da 0.0785 da 20, za a sami kusan kilowat 16.3. A raba wannan da 2,314, sai a ga giram 7 na ruwa ke ɗiga a daƙiƙa, wato kilo 25 a awa. Bututun da bai fi kaurin sandar makiyayi ba yana cika jarka guda cikin awa ɗaya.

Wani zai ce, to a ƙara sanyaya ƙarfen mana, a ninka tazarar, ruwan ya ninku. Ba haka abin yake ba. Yawan ruwan kan ƙara wa yanar kauri, h ya ragu da kimanin kashi 16 cikin ɗari, ruwan da ake samu bai kai ninki biyu ba, sai wajen 1.7. Haka ma in an jera bututai wani a kan wani: na sama yana zuba wa na ƙasa, kuma a lissafin Nusselt jeri mai bututai 16 yana rage matsakaicin h zuwa rabi.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar zafin ruwan da ke cikin bututu a matsayin zafin jikin ƙarfen, alhali ƙarfen ya fi shi zafi, sai amsa ta fito da yawa. A wurin aiki kuwa, babban abokin gaba shi ne iska. Ba ta komawa ruwa, sai ta taru a jikin yanar ta tare wa tururi hanya, kuma 'yar kaɗan ta isa ta kassara aikin. Saboda haka idan ka tara ruwan ka auna, ka ga ya gaza lissafi nesa ba kusa ba, fara neman inda iska ke shiga, sannan ka duba dattin da ya manne a bututun, kafin ka zargi lissafin.