Lambar jikin firij ba ita ce sanyinsa ba

Babanmu yana harkar shanu a kasuwar Iware, kusa da Jalingo, don haka nama bai yanke mana a gida. Wata Babbar Sallah muka cika firiza da naman sa. Bayan kwana biyar na ɗago wata babbar leda daga tsakiya, bayanta ya daskare amma cikinta ya fara wari. Kusan rabin cinya muka zubar. Inna ta ce ai ta murɗa abin zuwa 1, "lamba ɗaya" a tunaninta ita ce mafi ƙarfi.

Nan kuskuren yake. Lambobin nan na jikin abin murɗawa, 1 zuwa 5 ko zuwa 7, ba digiri ba ne. A yawancin firij, babbar lamba ce ta fi sanyi. Abin da ake nema shi ne firij ya tsaya a digiri 4, kada ya wuce 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili, wato -18°C. Sama da digiri 5 ƙwayoyin cuta na hayayyafa cikin nama da madara, tun kafin hanci ya ji komai.

Hannu ba ya auna wannan. Ku sayi ƙaramin ma'aunin zafi na firij. Na auna zazzaɓi da ake sayarwa a kemis ba zai yi ba, don bai sauka ƙasa haka. Ku fara gwada shi cikin kofin da aka cika da fasasshiyar ƙanƙara da ɗan ruwa. In mai kyau ne zai nuna sifili.

Ga yadda na yi. Na sa shi cikin kofin ruwa a tsakiyar firij, ba a jikin ƙofa ba, na bar shi ya kwana. Da safe na ga 9. Na ƙara lamba ɗaya tak, na jira awa 24, ya dawo 6. Na sake ƙarawa, sai ga 4. A firiza kuwa tsakanin ledoji biyu daskararru ake cusa shi. Namu -7 ya nuna, shi ya sa ƙaton naman da muka jibga da ɗuminsa bai daskare har ciki ba. Yanzu ƙanana muke ƙullawa.

Ku da ke sayen tokumbo a Legas ko Onica, ku duba harafin da ke gefen lambar. In F ne, to 40°F shi ne kusan digiri 4, 0°F kuma -18°C.

Sai maganar wuta. In an ɗauke, firij a rufe na riƙe sanyi kamar awa 4, cikakkiyar firiza kamar awa 48, mai rabin kaya awa 24. Ni nakan sake aunawa in zafin Maris ya shigo, don lambar da ta isa lokacin hunturu ba lallai ta isa a bazara ba.