Yadda ake haɗa guzurin doguwar tafiya da ba zai lalace a mota ba

Matafiyin da ya hau bas daga Legas zuwa Kano yakan shafe kusan kwana guda a hanya, kuma ba kowane abinci ne ke jure wannan tsawon lokaci cikin zafin mota ba. Abin da ke raba guzurin kirki da mai jawo ciwon ciki shi ne yawan danshin da ke cikinsa.

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abinci mai danshi idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da sa'o'i biyu. A cikin mota lokacin bazara, lalacewar ta fi haka sauri.

Dafaffiyar shinkafa ce ta fi yaudarar matafiya. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, kuma da zarar shinkafar ta huce sai ta yaɗu ta saki guba. Gubar ba ta sauya ƙamshi ko ɗanɗano, ɗumame kuma ba ya kawar da ita. Wanda ya ci yakan fara amai cikin sa'a ɗaya zuwa shida. Alale, dafaffen ƙwai da aka ɓare, da fura da nono su ma ba sa jure zafi.

Saboda haka ya kamata a raba guzuri gida biyu. Idan motar za ta tashi da ƙarfe shida na safe, a ɗauraye kula da tafasasshen ruwa, a zuba shinkafar da zafinta, a rufe, sannan a cinye ta kafin ƙarfe goma. Idan aka buɗe ba ta tururi, a haƙura da ita.

Daga azahar zuwa dare kuma, busasshen abinci ne abin dogaro: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, dabino da burodi. Garin rogo ba a jiƙa shi sai lokacin sha, kuma da ruwan roba mai hatimi. Lemo da ayaba sun dace domin ɓawonsu yana kare su.

Dambun nama sai an soya shi ya bushe sarai, a bar shi ya huce kafin a ƙulle. Idan aka ƙulle shi da zafi, tururi zai zama raɓa a cikin leda ya jiƙa naman. Duk kilishin da ya yi yauƙi ko fumfuna a zubar da shi.

A ƙulla kowane ci a ledarsa daban domin kada hannu ya riƙa shiga sauran, a ajiye jakar nesa da taga da zafin inji, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a ci.