Ba ka taɓa aiki ba? Yadda furojet ɗinka zai zama shaida a Funtuwa da Malumfashi

"Shekara nawa ka yi kana aiki?" Tambayar da ke tsayar da sabbin masu digirin noma ke nan a gaban kamfanonin iri, dillalan taki da masu gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Alhali wanda ya gama ABU Zariya ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yana da shaida uku: furojet ɗin shekarar ƙarshe, horon SIWES, da aikin sa-kai na lokacin hidimar ƙasa.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen rubutawa. "Na yi furojet a kan masara" bai gaya wa mai ɗaukar aiki komai ba.

A misali, ɗalibin da ya gwada lokacin zuba taki zai iya rubutawa: "Na raba gona fuloti 12, na zuba yuriya a mako na 4 a rabinsu, sauran a mako na 6, na auna amfanin kowanne a sikeli." Layi ɗaya ya nuna ya iya tsara gwaji, awo da adana bayanai.

Haka aikin sa-kai: a faɗi ƙauyen, yawan manoman da aka koya wa gane tsutsar masara, da wanda zai shaida.

Sai dai kada a kira wannan aikin albashi. A ba shi kansa daban a takardar neman aiki, a tafi da littafin SIWES mai sa hannu da wasiƙar malamin da ya duba furojet ɗin. Wanda aka yi wa furojet kuwa, tambaya ɗaya ke tona shi: me ya lalace a gonar, kuma yaya ka yi?