Nawa Farantin Shinkafa da Miya Yake Ci Kafin Ya Iso Gabanka?

Yawancin masu ƙananan gidajen abinci ba lissafi ne yake yanke musu farashi ba, maƙwabta ne. Idan ta gefe tana sayar da faranti naira dubu ɗaya, ita ma sai ta ce dubu ɗaya, alhali ba ta san ko waccan gidan kanta ne ba ta biyan haya, ko buhu-buhu take sarowa a kasuwar Singa ita kuwa kwano-kwano take aunowa a unguwa ba. Sai a wuni ana ciniki, amma da safe kuɗin cefane ya ƙi cika.

Bari mu ɗauki misalin mace mai rumfa a bakin titi wadda shinkafa da miya kaɗai take sayarwa. Farashin da zan sa na misali ne, kowa ya cire ya sa na kasuwarsa na yau.

A ce buhun shinkafa mai kilo 50 naira 70,000 ne, kilo ɗaya ya kama 1,400 ke nan. Tana dafa kilo 10 a rana, naira 14,000. Miyar kuwa, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa sun ci 9,000, niƙa 500, man gyaɗa 6,000, magi da gishiri da kayan ƙamshi 2,000. Miya ta tashi a 17,500. Idan aka haɗa da shinkafa, tukwanen nan biyu sun ci naira 31,500.

A nan ne ake yawan tafka kuskure, wato wajen adadin da za a raba kuɗin da shi. Shinkafa idan ta dahu takan ninka nauyinta wajen sau biyu da rabi, don haka kilo 10 zai ba da kusan kilo 25 na dafaffiya. Idan faranti giram 300 ne, a takarda faranti 80 ne da ɗoriya. Amma ba duka ne suke zama kuɗi ba. Akwai ƙanzon gindin tukunya. Masu wanke-wanke za su ci, ita ma za ta ci, ta tafi wa yara da nasu. Almajiri zai tsaya da robarsa, kuma ba wanda zai ce a hana shi. Ga mai saye da zai ce "Hajiya, a ɗan gyara mini", a ƙara masa rabin ludayi. Da yamma idan aka ƙirga, faranti 70 aka karɓi kuɗinsu. To da 70 za a raba, ba da 80 ba. Da 80, faranti zai fito kusan naira 394. Da 70 kuwa 450 ne. Wannan naira 56 ɗin da ke tsakani, a faranti 70, ta kusa dubu huɗu kullum, kuɗin da mai abinci take zaton riba ce alhali tun a tukunya suka tafi.

Hanyar sanin adadin gaskiya ba ta da wuya. A yi mako guda ana jan layi a littafi duk lokacin da faranti ya fita da kuɗi, sannan a duba abin da aka saba samu. A kuma tsayar da ludayi ɗaya da adadin zubi ɗaya. Idan yarinyar da ke zubawa tana da sakin hannu, tana ƙara giram 30 kacal a kowane faranti, a faranti 70 ta zubar da faranti bakwai ba tare da kowa ya lura ba.

Nama ya fi kyau a yi masa lissafinsa daban, domin ba kowa ke ci da nama ba. Kilo uku da rabi a kan 6,000 kowane kilo ya kama 21,000. Idan mahauci ya fitar da yanka 20 a kilo, an sami yanka 70, kowanne naira 300. A ƙirga yankan bayan an soya, domin ƙashi da kitse da abin da ya dagargaje a tafashe ba sa sayuwa.

Sai kuɗaɗen da ba a gani a cikin faranti. Gawayi ko gas 3,500 a rana. 'Yan garuwa 1,000. Masu aiki biyu 4,000. Adaidaita zuwa kasuwa da dawowa 1,000. Sabulu da leda 900. Haya ana biyanta shekara-shekara, shi ya sa ake mantawa da ita sai mai rumfa ya aiko. Idan 180,000 ce kuma ana buɗewa kwana 300, kowace rana tana ɗauke da 600. Na ƙarshe, wanda na fi son a kula da shi, shi ne ladan ita mai abincin. Matar da ta tashi tun asuba ta wuni a bakin murhu ta yi aikin da in wata aka ɗauka sai an biya ta. Ta yanka wa kanta ko 3,000 ne, ta sa su cikin kuɗin kashewa. In ba haka ba, za ta riƙa kiran ladan guminta riba. Jimillar waɗannan 14,000 ce, naira 200 a kan kowane faranti. Mai sayar da tuwo ko taliya a rumfa ɗaya sai ta raba wannan nauyi a kan dukkan farantan da take fitarwa.

Yanzu faranti ya bayyana: 450 da 200 sun zama 650 babu nama, 950 da yanka ɗaya.

Wajen ɗora riba akwai wani ɗan ruɗani. Mai son kashi 20 cikin ɗari na cinikinta ya zama riba, idan ta ɗora kashi 20 a kan 950 za ta sami 1,140. Ribar 190 ce, kuma 190 a cikin 1,140 ba ta kai kashi 17 ba. Abin da za ta yi shi ne ta raba 950 da 0.8, ya ba ta kusan 1,188, ta cike shi 1,200 saboda matsalar canji. A haka ribar faranti 250 ce. Cinikin rana 84,000, abin da aka kashe 66,500, saura 17,500.

Wannan lissafin ranar da kasuwa ta yi kyau ne. Da zarar an ɗora tukwane an kashe 66,500, don haka sai faranti na 56 ya fita kafin uwar kuɗi ta dawo. Ranar da ruwan sama ya kori mutane aka sayar da 50, ciniki 60,000 ne, an faɗi da 6,500, sai dai ɗan abin da aka ceto na nama idan an sake soya shi. Shinkafar da ta kwana ba ta komawa faranti. Abincin da aka ba da bashi ma kada a sa shi a cikin ƙirgar sai ranar da aka biya.

Abin da ya fi jijjiga wannan lissafi shi ne kayan miya. A watannin sanyi, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura yake cika kasuwar 'Yankaba, kwando yakan yi araha; da damina ta kankama sai ya yi tashin gwauron zabo. A 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, abin ya fi haka muni. A misalinmu, idan kayan miya suka tashi daga 9,000 zuwa 18,000, kowane faranti ya ƙaru da kusan naira 129, ribar 250 ta koma 121. Shi ya sa masu dabara suke shanya kauɗa tun lokacin araha, su riƙa haɗawa da ɗanye da na gwangwani idan tsada ta zo. A ganina gara a yanke farashi da tsadar damina a zuciya tun farko, domin mai saye ya fi jure farashi ɗaya da ya sani a kan ya ga ana ƙara masa kowane wata, kuma rage zubi a ɓoye shi ne abin da yake fara ganewa.