Idan Rubutun Firinta Ya Fito Biyu-Biyu, Ba Wanki Yake Nema Ba

A shagunan buga takardu, da zarar rubutu ya fara fitowa da inuwa a gefensa, ko layukan tsaye suka fito a karkace kamar haƙoran zarto, abin da aka saba ji shi ne: “Kan ya toshe, a wanke shi.” Sai a danna Head Cleaning sau uku, sau huɗu, tawada ta yi ƙasa a tanki, takarda kuma ta fito yadda take ɗazu. Asarar nan tana damuna, domin yawanci babu abin da ya toshe. Saiti ne ya goce, kuma gyaransa bai wuce minti goma da takarda huɗu ba.

Firintar tawada ba ta buga shafi a tashi ɗaya. Kan da ke fesa tawadar yana zarya ne a kan dogon ƙarfe, daga hagu zuwa dama, ya dawo, takarda ta ɗan matsa gaba, ya sake tafiya. Don a yi sauri, yana fesawa a tafiya, yana kuma fesawa a dawowa. Tunda yana cikin gudu ne yake sakin ɗigon tawada, ɗigon ba ya sauka daidai ƙarƙashin inda aka sake shi, sai ya ɗan yi gaba. Kamar wanda ke kan babur ne yana son jefa dutse cikin kwano a bakin hanya: dole ya saki kafin ya iso, in kuma ta ɗaya ɓangaren ya biyo, ya sake lissafi. Idan lissafin tafiya da na dawowa suka saɓa, rabin harafi zai sauka nan, rabi ya sauka can.

Saɓanin ba sai ya yi yawa ba. A bugun da ke sa ɗigo 360 a inci guda, tazarar ɗigo da ɗigo kusan milimita 0.07 ce. Gocewar ɗigo biyu kawai ta isa ido ya ga harafin l ya yi ƙafa biyu. Abin da ke kawo ta kuwa sananne ne: an canza katirij, an ɗauko firinta a mota ta sha jijjiga, ko takarda ta maƙale aka fizgo ta da ƙarfi har ta bugi kan.

Kafin a taɓa komai, a karanta takardar da ta ɓaci. Fararen layuka a kwance, masu ratsa rubutu daga gefe zuwa gefe, ko wani launi da ya ɓace gaba ɗaya, su ne alamar toshewa, nan wanki yake da amfani. Amma layin tsaye mai tsalle, harafi mai inuwa, ko ja da shuɗi suna leƙowa a gefen hoto, wannan aikin saiti ne. A kuma gwada da rubutun da aka rubuta a Word, domin takardar da aka ɗauka hoto da waya aka turo ta WhatsApp tana iya zuwa da haƙoranta tun daga can, babu saitin da zai gyara ta.

A ɗauki misalin Epson L3110, irin mai tankin tawada da ta cika shaguna da ofisoshin makarantu. An buga takardar sakamakon jarrabawa, layukan kwance na jadawalin sun fito sumul, na tsaye kuwa a yanke-yanke, wani guntu ya ja hagu, na ƙasansa ya ja dama. A kwamfuta mai Windows, a buɗe Printing preferences na firintar, a shiga Maintenance, a fara da Nozzle Check. Idan duk ƙananan layukan gwajin sun fito babu giɓi, kan lafiya lau yake. Idan da giɓi, sai an wanke tukuna, don ba a saita kan da ke fesawa rabi da rabi.

Daga nan a zuba farar takarda A4, aƙalla guda huɗu, sabuwa mai santsi, ba wadda aka buga bayanta ko ta sha damshi ba, a danna Print Head Alignment. Firinta za ta fito da jerin ƙananan akwatuna, rukuni-rukuni, kowanne da lambarsa. Kowane akwati an buga shi da lissafin da ya ɗan bambanta da na maƙwabcinsa, aikin mutum shi ne ya gaya wa na'urar wanne ne ya dace. A fita da takardar inda haske yake sosai, a nemi akwatin da ya cika tas, babu siraran layukan tsaye a cikinsa, masu haske ko masu duhu. Ba wanda ya fi baƙi ake nema ba, nan mutane da yawa suke kuskure; wanda ya fi zama bai ɗaya ake nema. In a rukunin farko na 5 ne ya fi tsabta, a na biyu na 3, haka za a shigar, kowane rukuni da lambarsa. Idan babu mai kyau ko ɗaya, a zaɓi wanda ya fi kusa, a danna Realignment, a sake duba sabuwar takardar.

Ƙananan HP DeskJet masu sikana a sama sun rage wa mutum wannan aikin ido. Suna buga takardar saiti, a kifa ta a kan gilashi daidai kusurwar da aka yi wa alama, na'urar ta karanta da kanta. Da yake a irinsu kan yana jikin katirij ne, duk canjin katirij sabon kai ne, shi ya sa suke neman saiti a lokacin. Kada a tsallake shi don tsimin takarda ɗaya, kuma a goge gilashin kafin a kifa. Canon PIXMA da yawa ma haka suke yi.

To, an saita, rubutu bai daina inuwa ba fa? A shiga More Options a cire alamar High Speed, wadda a wasu sababbin samfura ake kira Bidirectional Printing. Yanzu kan zai riƙa fesawa ta hanya ɗaya kawai. Bugu zai yi jinkiri, amma idan inuwar ta ɓace, ga mafitar da za a sallami kwastomomin yau da ita, an kuma tabbatar cewa matsalar tsakanin tafiya da dawowa take.

Sai a sake duba inda ɓarnar take a shafin. Idan wuri guda take maimaituwa daga sama har ƙasa, a ce kusa da gefen dama, sauran shafin kuma lafiya, a zargi inkoda. Wata siririyar leda ce mai garai-garai, miƙe a bayan kan daga bango zuwa bango, ɗauke da ƙananan zane-zane da ido da ƙyar yake gani. Su kan yake ƙirgawa ya san inda ya kai. Idan tawada ta fantsama mata, ko maiƙon ƙarfen ya shafe ta, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, ƙirgar takan ɓace a daidai wurin.

A kashe firinta, a zare wayar wuta, a haska ledar da tocilan daga gefe. Epson da kansa ruwa ya ce a yi amfani da shi, kwatan kofi da ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa. A jiƙa audugar goge kunne, a matse ta kada ta ɗiga, a shafa a hankali, a bi da busasshiya. Banda fetur, banda tina, suna iya cinye zanen. Kada a danna da ƙarfi, don ɗan sifirin ne yake riƙe da ledar, kuma kada a goge maiƙon da ke kan ƙarfen, da gangan aka sa shi. A bari ta bushe sarai, sannan a kunna, a sake yin saitin daga farko.

Idan bayan wannan lambobin da suka dace yau sun goce gobe, ko ana jin kan yana ƙara yana cijewa a hanya, abin ya wuce saiti. Bel ɗin da ke jan kan ne ya saki, ko mazauninsa ya ci, ko ledar ta karce. A kai wa mai gyara, a haɗa masa da takardar gwajin da takardar da ta ɓaci, a kuma gaya masa abin da cire High Speed ya nuna, don kada ya fara da cewa a sayi sabon kai.